Tsohon babur da ciko: yadda ake musaya ba tare da an yi asara ba

Mai neman abinci da babur yakan gane cewa abin hawansa ya fara gajiya tun kafin ya tsaya cak. Da safe sai an yi ta buga kik kafin ya tashi. Baƙin man da a da yake kai wa ranar juye yanzu sai an ƙara masa a tsakiyar mako. Ranar kasuwa, lokacin da fasinja ya fi yawa, ita ce ranar da zai kwana a wurin bakanike. A irin wannan hali ne wani zai ce masa, «Ka kai shi wurin dila mana, ka yi ciko ka ɗauki sabo.» Shawara ce mai kyau a lokuta da dama, kuma ciniki ne da ya zama ruwan dare tsakanin 'yan acaɓa a Najeriya da 'yan kabu-kabu a Nijar, haka ma masu keken ɗinki da injin niƙa da janareto. Zan tsaya a kan babur domin a nan ne na fi ganin talaka yana barin kuɗinsa a hannun wani, ya tafi yana godiya.

Abin da ke jawo haka abu ɗaya ne. Musaya ciniki biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya: kai kana sayar da tsoho, kana kuma sayen sabo, duk a hannun mutum ɗaya, a zama ɗaya. Kowane ciniki yana da farashinsa. Amma da yake kuɗin da zai fita daga aljihu shi ne ciko, sai hankali ya tafi can gaba ɗaya. Ana ta ja-in-ja a kan ciko, a rage dubu goma, a ƙara dubu biyar, ba wanda ya tsaya ya tambaya nawa aka sa sabon, nawa kuma aka sa tsohon. Dila ya san waɗannan farashi biyu sarai, domin da su yake kwana da su yake tashi. Mai babur, wanda bai fi ya yi irin wannan ciniki sau ɗaya a shekaru ba, shi ne yakan shiga a makance.

Mu ɗauki misali, kuma adadin da zan kawo na misali ne, domin farashin babur ba ya zama wuri ɗaya. Wani matashi yana da Bajaj Boxer da ya yi shekara uku yana ɗaukar fasinja daga bakin titi zuwa ƙauyuka. Ya tura shi shagon dila. Alhaji mai shago ya zagaya babur ɗin, ya sa yaronsa ya tayar da shi, ya saurara, sannan ya ce, «Ƙanena, ka riƙe abinka da kyau. Na saya dubu 500. Sabon miliyan 1 da dubu 400 ne. Ka kawo dubu 900 ka tura.»

Matashin nan ya ji daɗi, kuma yana da dalilinsa. Shi ya san dubu 400 ya saye shi sabo dal, ga shi bayan shekara uku ana taya shi dubu 500. A ganinsa ya mori babur ya kuma ci riba. Nan ne tarkon farko yake. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na wannan shekara, farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, kuma na hannu ya bi sahun sabo. Darajar naira ce ta ragu, babur ɗin bai ƙara komai ba. Saboda haka kuɗin da ka saya a wancan lokaci ba ma'auni ba ne. Ma'aunin shi ne abin da irinsa yake yi a kasuwa yau, da kuma abin da sabo yake yi yau.

Da matashin ya leƙa shago biyu ko uku kafin ya zo, ba tare da tsohon babur ba, ya tambayi farashin sabo kuɗi hannu, da ya tarar ana sallamawa a miliyan 1 da dubu 300. Wato Alhaji ya ɗora dubu 100 a kan sabon, ya kuma ɗora dubu 100 a kan tsohon, cikon bai motsa ba. A haƙiƙa dubu 400 ya sayi tsohon. Ba sai an yi dogon lissafi ba: ka ɗauki farashin sabo na gaskiya, ka cire cikon da aka nema, abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin da aka sa wa naka. Miliyan 1 da dubu 300, a cire dubu 900, saura dubu 400. Duk wani adadi da aka faɗa maka bayan wannan, daɗin baki ne.

To, dubu 400 ɗin kuma, cuta ce ko adalci? Wannan ba za a sani ba sai an san abin da tsohon zai yi idan mai shi ya sayar da kansa. A ce ya ba dillali a kasuwar babura, an taya an taya, an tsaya a dubu 520, ya ba da la'ada dubu 20. Ya tashi da dubu 500. Idan ya ɗauki wannan ya je ya sayi sabo kuɗi hannu, dubu 800 zai cika, ba dubu 900 ba. Musayar ta ci masa dubu 100 ke nan.

A nan mutane da yawa sukan yanke hukunci cewa musaya asara ce kawai, kuma ban yarda da su ba. Babur ɗin da ke tsaye a kasuwa yana jiran mai saye ba ya ɗaukar fasinja. Idan matashin nan yana samun dubu 6 a rana bayan ya cire kuɗin mai, kwana goma a kasuwa sun ci dubu 60. Bambancin ya sauko zuwa dubu 40. Idan cinikin ya ja har mako uku, musayar ce ta fi arha. Akwai kuma abubuwan da ba sa shiga lissafi amma kowa ya san su. Kuɗi a hannu ba sa zama: ga suna, ga rashin lafiya, ga ɗan'uwa da ya ji labari ya zo neman rance. Farashin sabo yana iya ɗagawa tsakanin ranar da ka sayar da ranar da ka je saye. Wanda ya saya kuma yana iya dawowa bayan kwana uku da 'yan rakiya ya ce inji ya buga, a mayar masa da kuɗinsa. Dila yana ɗauke maka duk wannan, kuma ba kyauta zai yi ba.

Shi ma yana da nasa lissafin. Zai canza fistin da ringi, ya sa sabuwar sarƙa, ya ɗinke kujera, ya yi fenti, wataƙila ya kashe dubu 50. Zai ajiye shi a shago kuɗinsa na kwance, sannan ya nemi ribarsa. Dila da ya sayi tsoho ƙasa da farashin kasuwa bai yi laifi ba, sana'arsa ke nan. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye maka girman ragin, ka biya ba ka san nawa ka biya ba. Idan ka san dubu 100 ne, ka auna shi da kwanakin aikinka, ka ga ya yi maka, ka sallama da zuciya ɗaya. Idan bai yi ba ka ce albarka.

Saboda haka tsarin ciniki yana da muhimmanci. A fara gama maganar sabon tukuna, kamar mai sayen kuɗi hannu, har a kai inda dila ya ce ya sallama. Daga nan sai a kawo maganar tsohon. Dila mai wayo zai so ya haɗa su tun farko, ya ce, «Bari wannan dogon zance, nawa za ka cika?» Amsar ita ce, «Alhaji, a yi haƙuri, a gaya mini na sabon tukuna, in ya so sai mu zo kan nawa.» Ba rashin kunya a ciki. Wanda ya ƙi raba maka farashi biyu, akwai abin da haɗin yake rufewa.

Gyara ko musaya

Kafin a kai ga shagon dila ma akwai tambayar da ake tsallakewa: shin babur ɗin ya kai a rabu da shi? Sau da yawa abin da ke tayar wa mutum hankali hayaƙi ne da shan baƙin mai da rashin ƙarfi a hawa. Waɗannan yawanci ciwon saman inji ne, wato ringi da fistin da bawul, kuma bakanike mai hannu yana gama su a wuni ɗaya da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ciko ba. Wanda ya ba da babur saboda ringi ya yi gaggawa. Ciwon da ke sa a haƙura daban ne: ƙara mai nauyi daga ƙasan inji da ke nuna kiranshaf ko konrod sun ci, giya da ke fita da kanta, bulok da aka riga aka fafe har ba sauran wurin ƙari, ko firam da ya tsage aka yi masa walda. Idan biyu ko uku daga cikin waɗannan suka haɗu, gyara ya zama cin kuɗi, domin kana ɗaure nan can yana kwancewa.

Akwai hanya mai sauƙi ta aunawa. Mutum ya riƙe ɗan littafi wata biyu, ya rubuta duk abin da babur ya ci. A ce matashinmu ya tarar a kowane mako gyara yana cin dubu 7, ƙarin fetur da baƙin mai dubu 3, sannan yana rasa rana guda ta aiki, dubu 6. Dubu 16 ke nan. Sabo ma ba ya zama ba kashe kuɗi, a ba shi dubu 3 na juye da ƙananan abubuwa. Abin da sabo zai tsare masa a mako dubu 13 ne. Ciko dubu 900 zai mayar da kansa a wajen mako 69, kusan shekara ɗaya da wata huɗu. Ga babur ɗin haya da ake sa ran zai yi shekara uku yana aiki, wannan lissafi ya yi. Amma malamin makaranta da ke hawa daga gida zuwa aji ya dawo, wanda tsohon nasa bai fi ya ci dubu 2 a mako ba, idan ya yi irin wannan ciko sha'awa ya biya. Ba laifi ba ne, amma ya san sunan abin da ya saya.

A kuma tuna cewa ciko ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Sabon babur yakan zo a kwali, sai an biya mai haɗawa idan ba a sa shi cikin ciniki ba. Akwai rajista da lamba da inshora, akwai na ƙungiya ga mai haya. Sabon inji kuma ba a ɗora masa mutum uku da buhun masara a ranar farko. Sai an lallaɓa shi, a juye baƙin mai na farko bayan wajen kilomita 500, don haka samun makonnin farko ba ya kai na kullum. Wanda ya kwashe duk abin da yake da shi ya zuba a ciko, zai tura sabon babur gida ya rasa na lamba.

Abin da dila yake dubawa

Yana da kyau mai babur ya san idon da za a kalli kayansa da shi, domin kowane aibi da aka gani kuɗi ne ake cirewa. Gogaggen mai saye yakan fara taɓa inji da bayan hannu. Idan da ɗumi zai ce a bari ya huce, domin injin da ya gaji yakan ɓoye halinsa idan ya yi zafi, a sanyi ne yake faɗar gaskiya. Zai taka kik a hankali ya ji ko akwai turjiya. Idan ya tafi salalo, matsin inji ya ragu. Idan ya tashi zai koma baya ya kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, sau da yawa daga kafireta ko matatar iska, kuma gyaransa ba tsada. Zai kwance fulogi ya ga ko ya jiƙe da mai. Zai tsuguna ya hangi tayar gaba da ta baya ya ga ko suna kan layi ɗaya, domin babur da ya taɓa faɗuwa mai tsanani yakan karkace. Zai shafa wuyan firam, ƙarƙashin tanki, yana neman walda.

Abin da ya kamata mai babur ya yi kafin ya je kaɗan ne. Ya wanke shi tas, ya gyara ƙananan abubuwa masu arha da ke ɓata kallo, irin su madubi da fitila da wayar birki, ya haɗa takardunsa. Babban gyara kuwa a bar wa dila, domin shi yana da bakanikensa da inda yake sayen kaya da sauƙi, kuma ba zai mayar maka da abin da ka kashe ba.

Akwai kuma abin da wasu ke yi wanda ba zan yi shiru a kansa ba. Su zuba baƙin mai mai kauri don ƙarar inji ta kwanta, su shafe walda da fenti, su ɗumama inji a bayan layi kafin su iso. Suna ganin dila suke yi wa wayo. Dila yakan gane, ya rage kuɗi fiye da yadda aibin ya cancanta tunda ya daina yarda da kai. Idan kuma bai gane ba, babur ɗin ba a shagonsa zai tsufa ba. Wani ɗan acaɓa ne irinka, wanda kuɗinsa bai kai na sabo ba, zai saya ya tafi da ciwon. A shari'a ɓoye aibin da ka sani ha'inci ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan ya gano. Faɗin aibi da bakinka yakan rage ɗan kuɗi, amma yana rufe ƙofar dawowa.

Sabon ma a duba shi

Wanda ya zo musaya hankalinsa na kan kare darajar tsohonsa, sai ya manta shi ma mai saye ne. Akwai baburan da aka yi wa kwaskwarima: sabon fenti, sababbin robobi, leda a kan kujera, a ce sabo ne ko kuma «bai fi wata ɗaya ba». Agogon kilomita ba shaida ba ne, ana mayar da shi baya, ana kuma canza shi. Shaidar tana wuraren da mai kwaskwarima ba ya kula da su. A kalli kawunan notikan inji: wanda sifana ta sha kamawa gefensa yakan cinye. A sa yatsa a bakin salansa a ga yawan toka. A duba robar matakin ƙafa da ƙarfen birki da na giya, inda takalmi ke goga. A kalli haƙoran da sarƙa ke hawa, na tsoho sukan yi tsini su lanƙwashe. A gefen taya kuma yawanci akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2324 na nufin mako na 23 a 2024. Idan hali ya yi, abin da ya fi shi ne a buɗe kwali a gabanka, a haɗa kana tsaye, tare da bakaniken da kai ka zo da shi.

Sannan lambobi. Kowane babur yana da lambar inji a jikin inji, da lambar firam a wuyansa, wadda a yawancin na zamani haruffa da alƙaluma 17 ce. A karanta su ɗaya bayan ɗaya, a gwada da abin da ke kan rasit. Idan wurin ya nuna alamar an goge ko an sake bugawa, a bar cinikin komai arharsa. Ranar da aka tsare ka a hanya, rahusar da aka yi maka ba za ta yi maka magana ba.

Takardun tsohon su ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma haɗarinsu ya fi na kuɗi. Babur ya bar hannunka amma lamba da rajista suna ɗauke da sunanka. Zai wuce daga dila zuwa wani, daga wani zuwa wani. Idan aka yi ɓarna da shi ko aka kaɗe mutum aka gudu, ƙofarka za a fara bugawa. A wannan zamani da ake yawan aikata ta'asa a kan babura, har jihohi da dama suka taƙaita hawansu a wasu yankuna, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A rubuta takarda mai ɗauke da rana, da sunayen mutum biyu, da lambobin inji da firam na babura biyun, da kuɗin da aka sa wa kowanne, da cikon da aka biya. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, ka kuma ɗauki hotonta a waya. A nemi wanda ya karɓa ya yi canjin mallaka a ofishin lasisi. Idan kuma akwai sauran bashi a kan tsohon, wato maigidan da ya saya maka bai gama karɓar balas ɗinsa ba, to ba naka ba ne tukuna, sai da saninsa.

Halal ne?

Mutane sukan tambaya, domin sun ji malamai suna hana ba da tsohon zinare a karɓi sabo da ciko. Hanin gaskiya ne, amma na zinare da azurfa ne da nau'ukan abinci irin waɗanda hadisi ya ambata, alkama da sha'ir da dabino da gishiri, waɗanda idan za a musanya jinsi da jinsinsa sai daidai da daidai, hannu da hannu. Mafitar mai tsohon zinare ita ce ya sayar ya karɓi kuɗinsa, sannan ya sayi sabo. Babur da keken ɗinki da janareto ba sa cikin wannan sahu, don haka ciko a kansu ya halatta.

Imamu Malik ya yi maganar irin wannan ciniki a Muwaɗɗa, a babin musayar dabbobi, da misalin raƙumi da raƙumi irinsa tare da ƙarin dirhami. Ya halatta idan an yi hannu da hannu. Ya halatta idan an miƙa raƙuma biyun nan take aka jinkirta dirhamin. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a jinkirta ɗaya raƙumin. Wanda ya san kasuwar babura zai ga hikimar nan da idonsa. Dila ya ce, «Bar tsohon da cikon, kaya na hanya, mako mai zuwa ka zo ka ɗauka.» Mako ya zama wata. Tsohon an gyara an sayar. Kaya suka iso da sabon farashi, aka ce sai ka ƙara. Ba ka da babur, ba ka da kuɗi, ba ka da bakin ja. Kada tsohon ya bar hannunka sai makullin sabon ya shigo.

Ciko a bashi

Inda musaya ta fi karya mutane shi ne idan cikon bai cika ba. Mu koma ga matashinmu. Ana neman dubu 900, dubu 400 gare shi. Alhaji ya ce ba damuwa, sauran dubu 500 a mayar da su dubu 650, a biya dubu 25 duk mako har mako 26. Yawancin malamai sun halatta farashin bashi ya fi na kuɗi hannu, matuƙar an tsayar da adadi ɗaya da lokaci ɗaya tun a wurin ciniki. Abin da ya haramta shi ne a ce idan ka makara kuɗin zai ƙaru, wannan riba ce tsantsa.

Amma halaccin abu daban, iya ɗaukarsa daban. Mai samun dubu 6 a rana, kwana shida a mako, dubu 36 yake tarawa. A cire dubu 25, saura dubu 11 na cefane da makaranta da magani, har wata shida. Zazzaɓin mako guda, ko ruwan sama da ya yanke hanya, ko dokar hana hawa da ta faɗo ba zato, kowanne ya isa ya sa a tsallake biya. A nan ne sharaɗin da ba a karanta ba yake fitowa: idan ka gaza sau kaza, za a ƙwace babur. Tambayar da ya kamata a yi tun kafin a sa hannu ita ce, idan aka ƙwace, ina makomar tsohona da dubu 400 da na bayar da abin da na riga na biya? Idan takarda ba ta amsa ba, amsar a aikace ita ce sun tafi. Mutumin da ya shigo da babur mai hayaƙi amma yana ciyar da gida, ya koma a ƙasa ba ko ɗaya.

Don haka a rubuta ƙarara cewa idan biya ya gagara, za a sayar da babur ɗin a farashin kasuwa da sanin mai shi, dila ya cire sauran bashinsa, abin da ya rage a ba mai babur. A rubuta kwana nawa na uzuri ake da su kafin a kai ga haka. Kowane biya a karɓi rasit, ko a tura ta banki don ya bar shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, saboda haka kada kunyar Alhaji ta hana ka neman takarda. Dila mai gaskiya ba ya jin haushin alƙalami, shi ma kariya ce gare shi.

A ganina, wanda biyan mako zai cinye masa fiye da rabin abin da yake samu bai kai lokacin musaya ba. Ya gyara saman inji, ya shiga adashi, ya ƙara wata huɗu ko biyar a kan tsohon, ko kuma ya yi musayar da na hannu mai lafiya wanda cikonsa yake cikin aljihunsa. Ranar da zai je kuwa, ya tafi da farashin sabo daga shago uku, da tayin tsohonsa daga dillali ko biyu, da bakanikensa, da shaidu.